Ɗaki na juya mini in na juya a gado, idona na duhu in na miƙe

Assalamu alaikum. Ni mace ce, shekaruna 56, a Garwa nake. Kusan wata ɗaya ke nan in na juya hannun dama a gado sai ɗakin ya kama juyawa da ni kamar zan faɗo, har zuciyata ta tashi, amma ba ya daɗewa sai ya lafa. A wurin sujada ma yakan zo mini. Ban da wannan, wani lokaci in na miƙe daga gaban murhu sai idona ya yi duhu. Ina da hawan jini, ina shan magani. An yi mini ƙarin ruwa, an ba ni Tanganil, abin bai tafi ba. Wasu na cewa jinin ne ya hau, in ƙara magani, wasu na cewa iska ce. Ina jin tsoro kada ya zama shanyewar ɓarin jiki. Me zan yi?

Wata uwa daga Garwa

Wa'alaikumus salam, Hajiya. Sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi.

Abu na farko, don Allah kada ki ƙara ko ƙwaya ɗaya a kan maganin hawan jininki saboda wannan jirin. Zan dawo kan dalilin. A ganina matsaloli biyu ne suka haɗu miki a lokaci guda, kowace da tushenta, kuma maganin ɗaya ba ya taɓa ɗayar. Ta gado da sujada alamunta sun fi kama da matsalar can cikin kunne. Ta gaban murhu kuwa ta fi kama da jini da ke jinkirin kaiwa kai in mutum ya tashi tsaye. Ban duba ki ba, don haka sai an gwada za a tabbatar, amma gwajin duka biyun mai sauƙi ne, ba ya buƙatar hoton kai ko kuɗi mai yawa.

Kafin mu shiga ciki, bari in amsa miki tsoron da ke ranki. Jirin da ke zuwa da juya kai, ya yi ƙasa da minti ɗaya ya wuce, mutum ya tashi ya ci gaba da harkarsa, ba haka shanyewar ɓarin jiki ta saba zuwa ba. Wanda ke da haɗari shi ne jirin da ya zo ya zauna, sa'o'i suna wucewa bai saki mutum ba ko da ya kwanta shiru bai motsa ba. Haka in ya zo tare da ɗaya daga cikin waɗannan: baki ya karkace, harshe ya yi nauyi, hannu ko ƙafa ta mutu, ana ganin abu ɗaya ya zama biyu, haɗiya ta gagara, an kasa tsayawa ko tafiya sai an riƙe mutum, ciwon kai ko na ƙeya mai tsanani da ba a saba da shi ba, ko kunne ɗaya ya toshe farat ɗaya. Sai kuma suma, ciwon ƙirji, bugun zuciya da ya rikice, ko baƙin bayan gida. Duk ranar da kika ga ɗaya daga ciki, ko da tsakar dare ne, babban asibiti za a kai ki nan take. Ba a jiran wayewar gari, ba a tsayawa shafa mai ko turare. Shekarunki da hawan jininki sun sa dole 'ya'yanki ma su san waɗannan alamun, ki karanta musu.

To, mu koma kan kunnen. Can ciki, bayan inda muke ji da shi, akwai wasu 'yan bututu guda 3 a kowane kunne, lanƙwasassu, cike da ruwa. Aikinsu su gaya wa ƙwaƙwalwa cewa kai ya juya, da kuma inda ya juya. A gefensu akwai wata 'yar jaka da ke ɗauke da ƙananan tsakuwoyi irin na alli, waɗanda ido ba ya iya gani. Kowa na da su, halitta ce, da su jiki ke gane sama da ƙasa. Wani lokaci kaɗan daga cikinsu sukan ɓalle su faɗa cikin ɗaya daga bututun nan, galibi na baya, don shi ne ya fi gangarowa ƙasa. In kina zaune shiru suna kwance a gindin bututun, ba ki jin komai. Da kin kwanta, ko kin mirgina, ko kin sunkuya, ko kin ɗaga kai za ki ɗauko abu a sama, sai su gangara su tura ruwan. Kunnen ya aika saƙo cewa kina juyawa da gudu, alhali idonki da jikinki suna cewa kina kwance. Wannan saɓanin shi ne jirin, shi ne kuma tashin zuciyar. Da tsakuwoyin sun sake kwantawa, cikin daƙiƙa 10 zuwa 30 galibi, sai komai ya tsaya.

Shi ya sa ciwon yake da ɗabi'ar da ba ta ɓuya. Ba ya zuwa daidai lokacin da aka juya, sai bayan 'yan daƙiƙoƙi. Yana da gefen da yake so, kuma yawanci wannan gefen ne kunnen da ke da matsalar, wato a wurinki na dama. Ba ya rage ji, ba ya sa suma. Ya fi kama mata, ya fi zuwa bayan shekara 50, yakan kuma biyo bayan buguwa a kai ko doguwar jinya a kwance, ko da yake sau da yawa haka kawai yake zuwa. Likitocinmu da suka yi karatu da Faransanci suna rubuta shi a karne, wato littafin asibiti, da haruffa huɗu, VPPB. Ki riƙe haruffan nan, za su yi miki amfani a asibiti.

Maganar iska kuwa, na san abin da ke sa mutane faɗin haka: abu ne da ke kama mutum cikin dare, ya sake shi, a auna jini a ce lafiya lau. Ki ci gaba da addu'o'inki, babu mai hana ki. Amma ciwon da za a iya tayar da shi da gangan a kan gadon asibiti ta hanyar juya kai, a kuma kwantar da shi ta hanyar juya kan, dalilinsa a fili yake.

Gwajin kuwa tsoho ne, wasu likitoci biyu a Landan, Dix da Hallpike, suka bayyana shi tun 1952. Za a zaunar da ke a kan gado, a juya kanki rabi zuwa dama, a kwantar da ke ta baya da ɗan sauri har kanki ya ɗan zarce bakin gadon yana hannun mai gwajin. Za a ce kada ki rufe ido, don idon ake kallo. In tsakuwoyin na nan, bayan 'yan daƙiƙoƙi jirin zai taso, ƙwayar idon ta kama fizga tana murɗawa, sannan ta tsaya da kanta. Yanayin fizgar ne ke nuna wa likita wane kunne ne, wane bututu ne, kuma shi ke bambanta shi da jirin da ya fito daga ƙwaƙwalwa. Saboda wannan nake so karon farko a yi miki shi a asibiti. Ki nemi sashen kunne da hanci da maƙogwaro, wanda ake rubuta ORL a ƙofarsa. In ba a samu likitan sashen ba, likitan gama-gari ko mai gashin ƙashi da ya koyi aikin zai iya. Ki faɗa musu abu uku a sarari: yana zuwa ne in na juya dama, ba ya kai minti ɗaya, ina so a gwada ni ko VPPB ne. In kika ce jiri kawai, abin da ya fi sauƙi shi ne a sake rubuta miki ƙwaya.

Wannan ne abin da ke damuna a yadda ake kula da ciwon nan a wajenmu. Tanganil da Stugeron da ire-irensu, iyakarsu su ɗan rage tashin zuciya ko su dusashe jin jirin na ɗan lokaci. Ba sa matsar da tsakuwa daga inda take. Ƙarin ruwa ma haka, ba ya shiga bututun kunne. Stugeron kuma in babba ya daɗe yana sha yakan kawo kasala da barci, wani ma har rawar hannu da sanyin tafiya, ga shi yana ƙara haɗarin faɗuwa. Ana kashe kuɗi wata da watanni a kan abin da aikin minti biyar zai iya warwarewa.

Aikin shi ne a mayar da tsakuwoyin jakarsu. Kamar dutse ne da ya faɗa cikin tsohuwar taya: ba a girgiza shi ya fita, sai an mirgina tayar a hankali ya bi lanƙwasar har ya iso inda zai faɗo. Wani likitan kunne ɗan Amurka, John Epley, shi ya tsara hanyar da aka fi amfani da ita, ya wallafa ta a 1992. Akwai kuma ta Semont, Bafaranshe, ta 1988, wadda masu karatun Faransanci suka fi sabawa da ita. Duk wadda likitanki ya iya, ta yi. Zan bayyana miki ta Epley don kunnen dama, don ki san abin da za a yi miki, kuma in likita ya tabbatar da ciwon ya amince, ki iya maimaitawa a gida.

A sami katifa shimfiɗe da mutum ɗaya a kusa, riƙe da waya yana duba daƙiƙoƙi. Ki zauna a tsakiyar katifar kin miƙe ƙafafu, a ajiye matashi a bayanki daidai inda kafaɗunki za su sauka, ba kanki ba. Ki juya kai zuwa dama rabin hanya, wato tsakanin kallon gaba da kallon kafaɗa. Kina riƙe da kan a haka, ki kwanta ta baya da ɗan sauri, kafaɗu a kan matashin, ƙeya ta sauka kan katifar, kan ya ɗan lanƙwasa baya. A nan jirin zai taso, kuma zai iya zama mai ƙarfi. Kada ki tashi. Nan ne mutane suka fi ɓata aikin, tsoro ya sa su zabura, tsakuwoyin su koma inda suka fito. Ki riƙe hannun wanda ke kusa, ki jira ya lafa, sannan ki ƙara daƙiƙa 30.

Daga nan, ba tare da kin ɗaga kai daga katifar ba, ki mirgina shi a hankali zuwa hagu har ya tsaya rabin hanya ta wancan gefen. Ki jira daƙiƙa 30, ko fiye in jiri ya sake tasowa. Sai ki mirgina jikinki duka ki kwanta a kan kafaɗar hagu, kan yana tafiya tare da jikin, har hancinki ya koma yana kallon katifar a karkace. Wata daƙiƙa 30. Daga ƙarshe ki sauko da ƙafafu ta gefen hagu, ki tashi zaune a hankali, haɓa ta ɗan sunkuya. Mai taimaka miki ya riƙe kafaɗunki, don wani lokaci a nan ne jiri ke fizgar mutum. Ki zauna minti 10 kafin ki miƙe. Wanda nasa na hagu ne, komai sai ya juya shi: ya fara da hagu, ya ƙare a kan kafaɗar dama.

Mafi yawan mutane suna samun sauƙi daga yi ɗaya zuwa uku. Yadda za ki gane ya yi aiki shi ne washegari ki juya dama a gado ɗakin ya tsaya cak. Kada ki damu in kin yi 'yan kwanaki, ko mako ɗaya zuwa biyu, kina jin kanki ba nauyi ko tafiyarki ba daidai ba. Wannan saura ne, kuma zirga-zirgar gida ta fi kwanciya saurin kawar da shi. Abin da ya kamata ya mayar da ke wurin likita shi ne in kin yi kwana uku ko huɗu kina yi babu canji, ko jirin ya sauya hali, ya koma yana kama ki dama da hagu duka da ƙarfi. Hakan na iya nufin tsakuwoyin suna cikin wani bututun dabam, na kwance, wanda juyin Epley ba ya fitar da su daga ciki, nasa juyin dabam ne. Yana iya nufin kuma tun farko ba wannan ciwon ba ne. Sannan akwai waɗanda bai kamata su yi shi da kansu ba sam: mai ciwon wuya ko gadon baya mai tsanani, wanda ya taɓa samun shanyewar jiki kwanan nan, mai ciwon zuciya da bai daidaita ba, wanda aka ce jijiyar jinin wuyansa ta tsuke, da wanda aka yi wa aikin ido ba da daɗewa ba. In kina cikinsu ki faɗa wa likita kafin ya taɓa kanki. Ki kuma sani ciwon yakan dawo wa mutane da yawa bayan watanni ko shekaru. Dawowarsa ba alamar ya yi muni ba ce, juyin ake sakewa.

Yanzu duhun ido. In mutum ya daɗe a zaune ko a tsugune sannan ya miƙe, jini yakan taru a ƙafafu. Jiki mai ƙoshin ruwa yana tsuke jijiyoyi nan da nan ya tura shi sama. In ruwan jiki ya yi ƙasa, ko magani ya sassauta jijiyoyin, sai kai ya yi 'yan daƙiƙoƙi bai sami isasshen jini ba. Ido ya yi duhu, ƙafafu su yi sanyi, amma ɗaki ba ya juyawa, kuma da an zauna sai ya wuce. Mirginawa a gado ba ta kawo irin wannan, don a kwance jini ba ya wahalar kaiwa kai. Ki haɗa zafin Garwa na watan Maris da Afrilu, da ake haura digiri 40, da wutar murhu, da kujera 'yar tsuguno, da maganin hawan jini, musamman irin mai sa yawan fitsari, ko kuma azumi a kai. Ba sai an je nesa neman dalili ba.

Kin ga ke nan abin da ya sa na hana ki ƙara magani. Hawan jini shi kaɗai ba kasafai yake juya wa mutum ɗaki ba. In kuma aka auna ki kina cikin firgicin jiri, dole awon ya hau, sai a ɗora wa jinin laifi. A ƙara magani, jinin ya ƙara faɗuwa in kin miƙe, wata rana a tsince ki a ƙasa kusa da wuta. Dainawa da kanki ma haɗari ne, don wannan maganin shi ke tsare ki daga shanyewar da kike tsoro.

Abin yi shi ne a auna ki sau uku a zama ɗaya, ko a ƙaramin asibitin unguwa ne. Ki kwanta minti 5 a auna. Ki miƙe tsaye, a auna bayan minti 1, a sake bayan minti 3. In lambar sama ta faɗi da 20 ko fiye, ko lambar ƙasa ta faɗi da 10 ko fiye, an kama matsalar. A yadda ake faɗin awo a nan, inda ake cewa 14/9 maimakon 140/90, faɗuwar 20 ita ce maki 2. Misali, a kwance kina 15/9, a tsaye kika koma 12/8: ta sama ta sauka da maki 3, wannan ya isa likita ya sake duba maganinki, ya rage, ko ya sauya iri, ko ya sauya lokacin sha. Ki tafi da kwalayen duk abin da kike sha, har na gargajiya da wanda aka saya a kasuwa. Ki gaya masa in kwanan nan an ba ki kwinin, wanda ke sa kunne ƙara da jiri, ko allurar jentamisin, wadda ke iya lahanta kunnen ciki. Ki nemi a duba yawan jininki da sukari, don ƙarancin jini da ciwon sukari duka suna kawo wannan duhun idon.

Kafin ki samu zuwa, ki riƙa tashi daki-daki. Daga kwance ki zauna a bakin gado ki yi minti ɗaya kina motsa ƙafafu, sannan ki miƙe kina dafe da wani abu, ki tsaya kaɗan kafin ki taka. A gaban murhu ki sami kujera mai ɗan tsawo, kuma kada ki miƙe da tukunya mai zafi a hannu, ki tashi tukuna ki daidaita, ko wani ya sauke miki. Ki sha ruwa har fitsarinki ya zama fari-fari, sai fa in likita ya taƙaita miki ruwa saboda zuciya ko ƙoda. Da dare ki ajiye tocila kusa da kai, ki kwanta ta hagu da matashi biyu. Wanka a zaune, kuma kada ki sa sakata a banɗaki. Jan ruwa a rijiya, hawa kan kujera don ɗauko kaya, da sauka bakin Binuwai wanki, a bar wa yara har ki warke. In tafiya asibitin a kan mashin ce, ki zauna da ƙafa ɗaya kowane gefe ki riƙe da kyau, in da hali ma a samo mota.

Sallah kuwa, kin san hadisin Imrana ɗan Husaini, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce masa ya yi sallah a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kan gefensa. Kwanakin nan in sujada na tayar miki da jiri har kina tsoron kifewa, ki zauna ki yi nuni gwargwadon iko, malamin unguwarku zai ƙara miki bayani. Bayan an yi miki juyin kuma jirin ya tafi, ki koma ruku'unki da sujadarki kamar da, don guje wa motsa kai na tsawon lokaci ba ya hana shi dawowa, sai dai ya sa wuya ya sage.

Ki yi ƙoƙari ki je cikin makon nan, tare da wanda zai riƙe ki a hanya, kuma kada ki ci abinci mai nauyi kafin gwajin saboda tashin zuciya. In da hali ki tambayi likita ko za ki dakatar da maganin jirin kwana ɗaya ko biyu kafin ranar, don irin masu sa barci sukan dusashe fizgar idon da ake nema. Na hawan jinin kuwa ki sha shi yadda kika saba, don a ga awonki na gaskiya. Allah ya ba ki lafiya, Hajiya.